Aikin bidiyon akawun mai barci, yadda yake tafiya

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Yau aka turo min takardar. Wani ƙaramin banki ne da ke da reshe a nan ɓangarenmu na Gumel, suna so in yi musu bidiyo na minti ɗaya da rabi da za a dinga turawa a waya, a kan maganar akawun ɗin da aka daɗe ba a taɓa ba. Takardar shafi biyu ce da Turanci, sun tsamo ta ne daga ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya fitar a watan Yulin bana, ita kuma ƙa'idar ta jingina da dokar bankuna ta 2020. Na karanta sau uku a zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, wallahi jimlar farko kaɗai sai da na bi ta da yatsa, layi biyar babu aya, kafin ka kai ƙarshe ka manta wa ake cewa ya yi me.

Da na tace ta dai, abin da ke ciki bai wuce haka ba. In ka yi wata 6 ba ka yi wata hulɗa da akawun ɗinka ba, banki zai sa shi a layin waɗanda ba sa motsi. In ya cika shekara guda, ya zama abin da suke rubutawa DORMANT a saƙon waya, ba za ka iya cire kuɗi ba sai ka je an sabunta. In ya ƙara shekara 10 a haka, za a tura kuɗin wani asusu na amana a CBN, kuma duk ranar da mai shi ya zo da shaida za a ba shi kayansa. Shi kenan fa. Amma wannan shi kenan ɗin ne na san zai ba ni wahala, don magana ce ta kuɗin mutane, ka kuskure kalma ɗaya sai gari ya ɗauka.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na yi kuskuren da na san bai kamata in yi ba, na zauna na fassara ta layi-layi. Ga irin abin da ya fito: "Duk wani asusu da ya kasance ba tare da wata mu'amala wadda abokin hulɗa ya ƙaddamar ba na tsawon lokacin da bai gaza watanni goma sha biyu ba za a ayyana shi a matsayin wanda ba ya aiki." Hausa ce kam, kowace kalma Hausa ce ko Larabcin da muka saba, amma na karanta wa Inna tana tankaɗe, ta ɗago ta ce "to wa ya mutu?" Wai salon ya yi mata kama da sanarwar rediyo. Na yi dariya amma ta gama min aiki, don ta nuna min inda ciwon yake: babu mutum a cikin jimlar. Ba kai, ba ni, ba banki, sai "za a ayyana". Mai sauraro kuma sau ɗaya zai ji, ba takarda ba ce da zai koma baya.

Na yage. Daga yanzu kowace jimla sai ta faɗi wa zai yi, me zai yi, kuma in ba zan iya faɗinta da numfashi ɗaya ba to ta yi tsawo.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Kasuwar Maigatari. Na bi Kawu da zai kai tumaki, na ce bari in yi amfani da damar in ji yadda mutane da kansu suke kiran abin. Na tsaya wajen masu POS kusan awa biyu ina jin masu zuwa. Babu wanda ya ce asusu, ko ɗaya, kowa akawun yake cewa. Wanda katinsa ya ƙi kuma abu ɗaya suke faɗa, "an rufe min akawun" ko "sun kulle". To a nan gizo ke saƙar. In na ce a bidiyo "banki zai rufe maka akawun", kowa zai gane nan take, amma ƙarya na yi, don ba rufewa ake ba, lambar tana nan, kuɗin suna nan, sunanka yana nan, hana fita kawai aka yi sai an tabbatar kai ne. Kuma a kunnen mutumin karkara an rufe yana nufin kuɗi sun tafi. Wani dattijo mai zoɓo ya ce min shi tun da aka ce masa an rufe nasa bai koma ba, ya bar musu, ya je ya buɗe wani a waya. Na ce Baba nawa ne a ciki, ya ce ba yawa, amma dai kuɗin akuya sun kai. Ka ji fa.

A mota muna dawowa kalmar ta zo min: barci. Akawun ya yi barci. Mai barci bai mutu ba, tashinsa ake yi. Na wata shida kuma gyangyaɗi. Na gwada wa Kawu, ya ce "to ai sai a tashe shi", ban ma ƙarasa bayanin ba ya ƙarasa min da kansa, a nan na san kalmar ta zauna.

Litinin, 14 ga Oktoba

Yau na zauna a kan "mu'amalar da abokin hulɗa ya ƙaddamar", wadda ita ce ƙashin bayan takardar gaba ɗaya kuma ita ce mafi sauƙin ɓatawa. Manufar ita ce motsin da kai mai akawun ka yi da kanka, ka cire, ka tura, ka je ka zuba. Abin da banki yake yi shi kaɗai, kamar ya cire cajin alat ko ya ɗora ɗan abin da ake ɗorawa a akawun ɗin ajiya, ba ya cikin lissafi. Mutanenmu kuma daidai nan suke ruɗewa, don mutum zai nuna maka waya ya ce ga shi duk wata suna turo min saƙo sun cire kuɗi, yaya za a ce ba ya aiki. To wannan saƙon ba ya tashin akawun daga barci, na banki ne ba naka ba.

Na ɗauki akawun ɗin Kawu na yi lissafi da shi don in ga abin a ƙasa. Ya sayar da riɗi bara da kaka, kuɗin suka shiga, ya dinga cira a hankali, cirar ƙarshe a watan Disambar 2023 ce da ya sayi buhunan gero ya ajiye. Tun daga nan bai taɓa ba, don taki ma da damina da kuɗin rago ya saya hannu da hannu. Ke nan tun watan Yunin bana akawun ɗinsa yake gyangyaɗi bai sani ba, in ya bari Disamba ta zo bai taɓa ba ya yi barci. Kuma abin haushin shi ne a daidai lokacin ne dillali zai ce kawo lamba in tura maka kuɗin riɗi, ya zo cira wajen mai POS a ce ya ƙi. Shekara goman kuwa sai wajen Disambar 2034, wannan nesa ce, ba ita ce matsalar Kawu ba.

Wannan lissafin ya juya min tsarin bidiyon. Takardar banki ta ba maganar shekara goma fiye da rabin shafukanta, don ita ce sabuwa a wajensu kuma ita lauyoyi suke tsoro. Amma a ƙauye wanda zai kai shekara goma kaɗan ne, wanda zai faɗa ramin shekara ɗaya kuwa kusan duk manomin da ke ganin kuɗi sau ɗaya a shekara ne, da ɗan cin rani da ya buɗe akawun a Legas ya dawo gida ya jefa katin a akwati. Saboda haka sakan 50 na farko na shekara ɗaya ne. Ga yadda na buɗe:

"Baba, yaushe rabonka da taɓa akawun ɗinka? In daga kaka zuwa kaka ba ka cire ba, ba ka tura ba, ba ka zuba ba, to akawun ɗinka zai yi barci. Kuɗinka suna nan, ba wanda ya taɓa su. Amma ba za su fita ba sai ka je banki an tashe shi."

Na so in ce "shekara guda" kawai, sai na ga daga kaka zuwa kaka ya fi zama a kai, don haka muke ƙirga shekara. Na bar duka biyun, bakin mai magana zai ce kaka zuwa kaka, rubutun ƙasan allo zai ce wata 12.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ban iya aiki ba kwana biyun nan saboda abin da ya faru a Majiya na gobarar tanka. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba masu jinya lafiya.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na kai musu rubutun. Hajiyar da ke duba ƙa'ida a bankin ta zauna da jan biro, mun yi kusan awa uku a kan kalmomin da ba su kai 200 ba, kuma gaskiya a wurare biyu ita ce da gaskiya, a wuri ɗaya har yanzu ina ganin ni ne.

Na farko. Na rubuta "bayan shekara goma gwamnati za ta karɓi kuɗin". Ta ce Malam, ka san me ka faɗa kuwa? Ka ce gwamnati za ta karɓa, gobe da safe layi zai kai titi kowa ya zo kwashe nasa, har wanda jiya-jiya ya yi hulɗa. Kuma ta yi gaskiya, don mutanen nan ba su manta wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba, duk maganar da ta haɗa gwamnati da kuɗin banki kunne a tsaye ake jinta. Karɓa a Hausa tana iya zama ƙwace. Muka juya muka juya muka tsaya a kan ajiya: "bankinka zai kai kuɗin ajiya Babban Banki, da sunanka, amana ce, duk ranar da ka zo za a ba ka." Kalmar amana ba ado na sa ta ba, asusun da kansa na amana ne a ƙa'idar, kuma babu ranar da haƙƙin mai kuɗi yake ƙarewa. Na kuma sa "kuɗinka ne" ya zo kafin a ambaci Babban Banki, ba bayansa ba, don in tsoro ya riga shiga kunne sauran maganar ba ta samun wuri.

Na biyu, kwanaki. Takardar ta ce CBN zai mayar da kuɗin cikin kwana 10 na aiki. Ni kuma na rubuta "cikin kwana goma za ka ga kuɗinka". Kuskure biyu a layi ɗaya. Kwanan aiki Litinin zuwa Juma'a ne, goma ɗin sati biyu ke nan, kasuwar Maigatari biyu. Sannan ƙirgen ba daga ranar da ka shiga banki yake farawa ba, daga ranar da buƙatar ta isa CBN ne, shi ma bankinka yana da nasa kwana goman na aiki na bincike kafin ya tura. In ka haɗa abin ya doshi wata guda, in takardunka sun cika. Da na bar kwana goma, ranar sha ɗaya wani zai zo ya ce an yaudare shi, kuma bidiyon da muryata ce shaidarsa. Yanzu layin ya koma "ba a rana ɗaya ake gamawa ba, ka ba shi 'yan makonni".

Na uku shi ne inda muka saɓa. Ƙa'idar ta ce za a mayar da uwar kuɗi haɗe da abin da suka haifa in akwai, don CBN yana juya kuɗin a takardun lamunin gwamnati. Ita tana so in ce "da riba". Na ce Hajiya riba ta ciniki ce, wannan kuɗin ruwa ne, kuma mutanenmu suna da haƙƙin su ji sunan abin yadda yake, wani ba ya so ko kusa, wani zai je ya tambayi malaminsa. In na ce riba na yi wa magana kwalliya. Ta ce in na ce kuɗin ruwa rabin masu kallo za su kashe bidiyon a nan. Ƙarshe dai aka cire layin gaba ɗaya daga baki, aka ce mai tambaya ya tambaya a banki. Ban ji daɗi ba, amma cirewa ta fi min sauya suna.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ba wuta, wai layin da ke kawo wa Arewa ne ya lalace. Mu da ma ba mu saba ganinta ba sosai, amma yanzu shagon caji ya cika maƙil har da mutanen gari, kwamfutata tana layi tun safe. Na yi aikin a takarda.

Abin da na gyara yau shi ne kayan da za a je da su. Takardar ta jero abubuwa da sunaye masu nauyi, ingantacciyar shaidar tantancewa, shaidar mazauni na yanzu, da sauransu. A baki na mayar da su abin da mutum zai iya ɗauka a aljihu: katin ɗan ƙasa ko takardar NIN, lambar BVN, da kai kanka. Na ƙara "kyauta ne, ba a biyan ko sisi don a tashi akawun", wannan yana cikin ƙa'idar kuma na sa a faɗe shi sau biyu, don na san akwai masu zaman bakin banki da za su ce kawo dubu biyu in shigar maka. Ƙa'idar ta ba banki kwana 3 na aiki ya tashi akawun in komai ya cika, wannan na bar shi a rubutun allo.

Sai layin da babu shi a takardarsu ni na ƙara: "Banki ba zai kira ka a waya ya ce ka faɗi PIN ko lambar da aka turo maka ba. Tashin akawun ido da ido ake yi." Dalili, duk bidiyon da ya ce akawun zai yi barci ya ba 'yan damfara abin faɗa, gobe za su kira su ce akawun ɗinka ya yi barci kawo lamba mu tashe shi. In ban toshe wannan ƙofar ba gara ban yi bidiyon ba. Hajiya ta amince ta waya ba musu.

Asabar, 26 ga Oktoba

Gwaji. Na ɗauki muryata a waya, sakan 104, ya wuce da sakan 14, amma na ce bari a ji tukuna. Na kunna wa mutum shida ɗaya bayan ɗaya, ba a taro ba don a taro kowa bin bakin babba yake. Ba na tambayar "ka gane?", kowa zai ce e don kunya. Cewa nake, in ka koma gida me za ka gaya wa mai ɗakinka.

Huɗu sun maido da shi daidai. Wani matashi mai ɗinki ya ce "wai in ka shekara ba ka taɓa ba za a kai Abuja", wato ya haɗe shekara ɗaya da shekara goma ya yi musu dunƙule ɗaya. Na koma na saurara, laifina ne, jimlolin biyu suna manne kuma duka da "in" suka fara. Na raba su, na sa mai magana ya yi shiru na sakan biyu, ya ce "wannan ɗaya ke nan", sannan ya shiga ta biyun da "in kuma aka ƙara shekara goma cur".

Ta shidan gwaggona ce, ita ta tsayar da ni. Ta ji har ƙarshe ta yi shiru, sai ta ce "ɗan nan, to na marigayi fa?" Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan, tana da katinsa a cikin kwalla, ba wanda ya san me ke ciki. Takardar banki ta yi maganar a layi ɗaya can ƙasa, ni kuma na tsallake don lokaci. Alhali a ƙauye yawancin akawun ɗin da zai kai shekara goma irin wannan ne, mai shi ya riga mu gidan gaskiya.

A nan ma akwai tarko. A fom ɗin buɗe akawun akwai gurbin da ake rubuta sunan makusanci, wanda a allo ko takarda za ka ga an sa Next of Kin, mutane da yawa har da masu fassara a rediyo magaji suke ce masa. Ba magaji ba ne. Mutum ne da za a nema in ba a same ka ba, sunansa a fom bai ba shi kuɗin ba, gado kuma yana da masu shi da yadda ake raba shi. In na ce "magajin da aka rubuta ya je ya karɓa" na kunna wuta a gidaje, ƙani zai ce ai ni yaya ya rubuta. Layin da na sa: "In mai akawun ya rasu, kuɗin ba su ɓata ba, na magada ne. Ku je banki da shaidar rasuwa, za a gaya muku takardar kotu da za ku kawo." Ban faɗi sunan takardar ba da gangan, a bar banki ya faɗa wa kowa gwargwadon shari'arsa.

Talata, 29 ga Oktoba

Layin marigayi ya ci sakan 12, ga 14 na da, dole a yi yanka. Gyangyaɗin wata shida ya fita daga baki, na ji zafinsa don ina son kalmar, amma a gwajin ba wanda ya maido da ita kuma mataki uku sun yi wa kunne yawa. Ya koma rubutun allo. Akawun ɗin da ke gaban kotu ko wanda aka jingina da bashi, da ƙa'idar ta ware ta ce ba a kai su CBN, su ma sun fita, mai irin wannan ya riga ya san hanyar banki. Gaisuwar farko da ta kai sakan takwas na mayar da ita sallama kawai. Yanzu kalma 196, sakan 92 in an yi magana a natse. Sun ce sakan biyun ba komai.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Mun ɗauka yau a masussukar bayan gari da hantsi, kafin iska ta tashi ta cika makirfo. Kawu ne ya zauna a kan buhu a matsayin mai tambaya, ni ina amsawa. Bai haddace komai ba, na gaya masa dai abin da zai tambaya, sai ga shi a ɗauka ta uku ya ce "to yanzu in na aiki yaro da katin ya ciro dubu ɗaya, ya farka ke nan?" Wannan ba ya cikin rubutu. Na ce in bai riga ya yi barci ba, e, cirar ta isa ta hana shi, in kuma ya riga ya yi sai ka je da kanka, kuma Kawu a daina ba yaro PIN. Na tura wa Hajiya wannan guntun, ta ce a bar shi yadda yake, sai dai bidiyon ya koma sakan 101 kuma manaja ne zai sa hannu a kan ƙarin ranar Litinin.

Kawu dai da muka tashi ya ce in kai shi wajen mai POS kafin Disamba ta riske shi. Mun je, ya ciri dubu biyu, alat ya shigo, ya sayi goro da ɗari biyar a ciki. Gwaggo kuma ranar Laraba zan raka ta reshen da katin marigayi da takardar asibiti.